Wasiyyar Mai Hatimi

Shekara ashirin da biyar muna zaune a benci ɗaya ni da shi, kafaɗa da kafaɗa, amma ko sau ɗaya ban taɓa ce masa Baba ba. Maigida nake ce masa. Shi kuma yana ce mini Bahaguwa, kamar yadda duk layin ke ce masa Bahago. Wanda ya shigo shagon ya ga tsoho da mace sun sunkuya, kowa da 'yar wuƙar sassaƙa a hannun hagu, kowa ya karkatar da kai gefe ɗaya, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mutane kan dube mu, su dubi juna, sannan su tambayi kuɗin hatimi.

Aikinmu ke nan, sassaƙa hatimi. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗaukar hoton fasfo da mai sayar da ambulan, daura da bayan ginin kotu. Makarantu, asibitoci, ƙungiyar direbobi, har ita kanta kotun, duk mu muke yi musu. Sunan mutum za ka zana a baibai a kan roba, ka bi da wuƙa ka cire duk abin da ba harafi ba, ka duba a madubi, ka dangwala a tawada ka gwada a littafin gwaji. Yanzu akwai masu yi da na'ura a cikin minti goma, amma tsofaffin masu hulɗa da mu ba su bar mu ba. Sunayen rabin garin nan sun bi ta hannuna.

Nawa sunan kuwa aro ne. A takardar haihuwata da katin shaidata, inda ake sa sunan uba, sunan kakana ne na wajen uwa. Mahaifiyata tela ce, kuma ba a taɓa ɗaura mata aure da Bahago ba. Suna saurayi da budurwa abin ya faru, danginsa suka yi tsalle suka dire, shi kuma ya sunkuyar da kai ya auri wata. Ina da shekara uku ta kai ƙara tana neman a sa shi ya riƙa ciyar da ni. Aka gaya mata cewa tunda babu aure, shari'a ba ta san shi a matsayin ubana ba, ba ta kuma ɗora masa cina ko tufata ba, nauyina a wuyanta yake. Ta ɗauke ni ta dawo gida, ba ta ƙara taka kotu ba. Ta kan ce ran nan ta gane cewa keken ɗinki ya fi namiji riƙe alkawari.

Da ta rasu ina da shekara goma sha huɗu. Na gaje ta, babu wanda ya yi gardama, domin ta wannan ɓangaren kam ni 'ya ce cikakkiya. Bayan mako biyu sai ga wani dogon mutum a ƙofar gidan kakana, yana murza hularsa a hannu, wai yana neman mai taya shi aiki a shago. Garin cike yake da samari marasa aikin yi, amma yarinya marainiya ya zo nema. Kakana ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗauki takalminki." Haka ya ciyar da ni shekara ashirin da biyar, da sunan albashi. Ko da na yi zazzaɓi ya saya mini magani, sai ya ce wai shago ne ya saya.

Ba zan ce ya wulaƙanta ni ba. Kullum da safe shayi kofi biyu yake sayowa, ya ajiye nawa ta hagu. Ya san ba na son madara da yawa. Amma da ƙarfe shida ya yi zai rufe shago, ya ce, "Sai da safe," ya bi dama zuwa gidansa mai mata da 'ya'ya biyar, ni in bi hagu zuwa ɗakin da nake haya a saman kantin magani. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da gado, da risho, da keken mahaifiyata a lulluɓe. Sau biyu aka zo neman aurena. Duka biyun magana ta yi nisa, sai aka zo kan tambayar 'yar wace ce, daga nan ƙafa ta ɗauke. Uwar na biyun ma ba ta ɓoye ba, a gabana ta ce ɗanta ba zai kwaso mata 'yar gaba da Fatiha ba. Da safe na zo shago idona a kumbure. Maigida ya dube ni, ya buɗe baki, sai ya ce robar da aka kawo jiya ba ta da kyau.

Shekara biyu kafin ya rasu, wata ranar Talata da rana, ya miƙo mini ambulan a liƙe ba tare da ya kalle ni ba.

"Ajiye wannan. Kada ki buɗe sai ba na nan."

A bayan ambulan ɗin akwai sa hannun mutum biyu, Mai Hoto maƙwabcinmu, da wani tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, wanda yakan zo shan shayi wurinmu. Na kai ta ɗaki na sa a cikin aljihun keken ɗinki. Ban buɗe ba. Ni ma na iya shirun nan, ai ba a ƙasa na tsince shi ba.

Ranar da ya faɗi a shago, ni da Mai Hoto muka cicciɓe shi, wani direban tasi da ke tsayawa a bakin layinmu ya kai mu asibiti. Mai Hoto da direban suna riƙe da shi, ma'aikaciyar jinya tana cike takarda, ta nuna ni da biro.

"Baba, wannan wace ce a wurinka?"

Na riga na buɗe baki zan ce ma'aikaciyarsa ce. Sai na ji shi, da muryar da ta shaƙe amma kowa ya ji:

"'Yata ce."

Ta rubuta, ta wuce tambaya ta gaba, ko yana da hawan jini. Ni kuwa na tsaya riƙe da takalmansa, na kasa motsi. Kafin la'asar iyalinsa suka cika ɗakin, na ja da baya zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin ƙofa. Bayan kwana uku ya cika. Wajen zaman makoki na zauna cikin maƙwabta, na yi wa matarsa gaisuwa kamar kowa, ta amsa kamar yadda ta amsa wa kowa. Babu wanda ya yi mini gaisuwa sai Mai Hoto, shi ma a shago, murya ƙasa-ƙasa.

Da na koma ɗaki na buɗe ambulan ɗin. Shafi ɗaya ne, da rubutunsa mai karkata baya. Ya rubuta sunana, ya ce: "Wannan 'yata ce, ni na haife ta. Ba a ɗaura mini aure da mahaifiyarta ba, ko kafin haihuwarta ko bayanta. Laifina ne, ina neman gafarar Allah da tata. Na yi mata wasiyya da shagona da duk kayan aikin da ke ciki." Na karanta ta ya fi sau ashirin. Maganar shago ban ma tsaya a kanta ba. Layin farko nake komawa, in sa yatsa a kan kalmar. Na yi kuka mai yawa, kuma gaskiya rabinsa na daɗi ne.

Babban ɗansa injiniya ne a hukumar ruwa, kowa Injiniya yake ce masa. Na girme shi da shekara biyu, na kuma san shi tun yana zuwa karɓar kuɗin makaranta da gajeren wando. Bayan wata ɗaya ya zo shago, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a yi masa hatimi.

"Malama, sannu da aiki. Mun kai maganar gado kotu don a raba mana. Shagon nan zai shiga lissafi, wataƙila a sayar. Amma ba za mu bar ki haka ba, kin yi wa Baba hidima."

"Hidima," na ce.

"Eh, ai kowa ya shaida."

Ba mugun mutum ba ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zagina ya yi, da na san abin da zan yi da shi. Na ce masa ni ma ina da magana, amma a gaban alƙali zan yi ta. Ya dubi hannuna na hagu da ke riƙe da wuƙa, ya kawar da kai, ya ce Allah ya kai mu.

Ba shagon nake so ba, kuma ba kason gado ba. So nake a rubuta a takardar hukuma, da hatimi a ƙasa, cewa ni 'yar wane ce, in kai ta ofishin katin shaida a cire sunan aro a sa nawa. Na je wurin rajistan kotu na shigar da buƙata cewa a lissafa ni cikin 'ya'yan mamaci. Ya tambaye ni ko ina da shaidu, na ce biyu. Ya tambaya ko ina da lauya, na ce ba na buƙata. Takardar kuwa ban nuna wa kowa ba, ko Mai Hoto. Ina tsoron kada labari ya kai gidan Maigida su san yadda za su yi da ita. Kuma in faɗi gaskiya, akwai wani abu ban da tsoro. Na shekara talatin da tara ina jin mutane suna yin shiru idan na shigo wuri. Ina so sau ɗaya su yi shirun nan saboda ni na sa su. Kowace yamma in na koma ɗaki sai in tsaya gaban taga in gwada yadda zan zaro ta daga jaka. Wanda ba shi da abokin shawara, duk abin da ya raya a ransa daidai yake gani.

Ranar zama, ɗakin kotun bai cika ba. Fanka ɗaya ke aiki. Injiniya da ƙannensa maza biyu suna benci na gaba ta dama, ƙannensa mata biyu a bayansu da wakilin mahaifiyarsu. Ni kaɗai ce a bencin hagu, na ɗora jaka a cinya. Alƙalin mutum ne mai ƙaramin jiki da tabarau a kan karan hanci, ba ya ɗaga murya.

Mai Hoto ya fara ba da shaida. Mutumin da ya shekara talatin yana ce wa jama'a su ɗaga haɓa su daina ƙifta ido, ran nan shi ne ya kasa tsayar da nasa idon. Amma ya faɗi abin da ya ji. Direban ma ya faɗa, har ya ƙara da cewa bai karɓi kuɗin mota ba, alƙali ya ce ba a tambaye shi wannan ba. Aka tambayi Injiniya ko yana da suka a kan shaidun. Ya miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, ba ni da suka a kansu, mutanen kirki ne. Amma Baba yana cikin ciwo. Kuma tsoho yakan ce wa kowace yarinya 'yata."

Alƙali ya juya ga direban. "Yana cikin hankalinsa?"

"Ras, ranka ya daɗe. Shi ya faɗa musu sunan maganin da yake sha. Har ya ce in bi ta bayan kasuwa don cunkoso."

"Kuma tambayar da aka yi masa ta cike takarda ce, ba hira ba?"

"Ta takarda ce."

Alƙali ya tambaye ni ko an taɓa jingina ni ga wani uba. Na ce a'a, sunan da ke katina na kakana ne, uban mahaifiyata, kuma kowa ya san haka. Ya tambayi shekarun mamaci da nawa, ya rubuta. Sannan ya cire tabarau ya yi bayani a hankali, yana kallon bencin dama. Ya ce idan mutum mai hankali ya yi iƙirari cewa wane ɗansa ne, alhali ba a san wa yaron wani uba ba, shekaru kuma sun ba da dama, babu kuma abin da ya ƙaryata shi, to shari'a tana karɓa. Ba ta tsare shi da tambayar ina da yaushe, domin tana son rufin asiri, tana kuma son yaro ya samu uba. Ko a kan gadon ciwo ya faɗa, iƙirari ne.

Na ga ƙaramin ƙanen Injiniya ya dafe kai. Kowa a ɗakin ya gane inda maganar ta dosa, har ni. Da na yi zamana, da shi ke nan.

Alƙali ya mayar da tabarau. "Mai buƙata, kina da abin da za ki ƙara?"

Tsananin tone-tone, kaza ke tono wuƙar yanka ta. Na miƙe, na zuge jaka yadda na saba gwadawa a gaban taga.

"Ina da shi, ranka ya daɗe. Ba a bakin ciwo kaɗai ya faɗa ba. Ga shi da rubutun hannunsa, yana da lafiyarsa."

Na samu shirun da nake nema. Masinja ya karɓa ya miƙa. Alƙali ya duba bayan ambulan, ya zaro takardar ya karanta a zuci. Na ga idonsa ya sauka layi na biyu ya tsaya. Ya koma sama ya sake karantawa. Da ya ɗago, kallon da ya yi mini irin wanda likita ya yi wa iyalin Maigida ne a rana ta uku.

"Kin karanta wannan?"

"Na karanta."

"Kin nuna wa wani masani kafin ki kawo?"

"A'a."

Ya nuna wa Injiniya, Injiniya ya ce rubutun mahaifinsu ne babu shakka. Alƙali ya tambayi Mai Hoto sa hannun da ke baya.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Ya ce mu shaida abin da ke ciki wasiyyarsa ce, a zartar bayan ransa. Amma wallahi ban karanta ba, a liƙe ya kawo."

Daga nan aka karanta ta a fili. Na ji kalmar 'yata daga bakin magatakarda, na ji daɗi na daƙiƙa ɗaya. Sai alƙali ya ce, iƙirarin da shari'a ke karɓa shi ne wanda mai yinsa bai bayyana cewa ba ta hanyar aure aka samu ɗan ba. Idan ya faɗa da bakinsa, ko ya rubuta da hannunsa, cewa babu aure, to ya rufe ƙofar da kansa. Maganar asibiti ba za a ɗauke ta ita kaɗai ba alhali ga bayaninta a rubuce.

Ban gane ba da farko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ya ce shi ya haife ni. Ga shi nan. In ana shakka a ɗebi jinina a gwada da nasu."

"Malama, babu mai shakka," ya ce. "Ni ma ina da ido. Ba jini kotun nan ke tambaya ba. Nasaba a nan aure take bi, kuma shi da kansa ya ce babu. Ke 'yar mahaifiyarki ce, kin gaje ta, da kin riga ta ita za ta gaje ki. Amma ba zan iya rubuta ki cikin 'ya'yansa ba, ba kuma za ki gaje shi ba. Wannan ba laifinki ba ne, kuma babu wanda yake da ikon ya goranta miki."

Ya ɗaga zama zuwa mako biyu, a kira shaida na biyu a kan wasiyya, a kuma ƙiyasta dukiya. Na fito na tsallaka titi na buɗe shago, domin ban san inda zan je ba. Akwai hatimin wata makarantar yara da na yi alkawarin gamawa ran nan. Na zauna na gama shi.

A zama na biyu tsohon magatakarda ya zo da sanda, ya tabbatar da sa hannunsa. Aka kawo ƙiyasi: gida, da fili a bayan gari, da shago. Shagon da kayansa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Alƙali ya ce mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, kuma magada ba su da ikon hanawa. Magaji ne ba a yi wa wasiyya sai da yardar sauran. Tunda an tabbatar ni ba magajiya ba ce, wasiyya ta inganta, shago nawa ne, za a fitar da shi kafin a raba sauran. Wani daga baya ya ce, "Kai, ta dace." Na so in juya in ga ko wane ne.

A baranda na tarar da tsohon magatakarda yana hutawa a kan benci. Na zauna a ɗaya ƙarshen.

"Baba, kai ka san abin da ke cikin takardar nan?"

"Ban karanta ba, 'yata. Amma na sani." Kowa yana iya ce mini 'yata a banza, ban da wanda ya kamata. "Ya zo gidana kafin ya rubuta. Ya tambaye ni komai, na gaya masa komai."

"Ya san layi na biyun nan zai kashe na farko?"

"Ya sani. Na ce masa, in ka ce 'yata ce ka yi shiru, za ta samu suna, amma wasiyyar shago ta faɗi sai in yaranka sun yarda. Za ta samu kashi ɗaya cikin tara na abin da ya rage bayan rabon matarka, shago kuma a sayar. Ya ce ina za ta zauna da safe in an sayar?"

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Ba zan ɓoye miki ba, na nuna masa hanya ta uku. Na ce ka tsallaka titi yau ka yi iƙirari a gaban alƙali, ka ba ta shagon kyauta tun kana da rai, ka damƙa mata mukulli ka fita. Ta samu duka biyu. Sai ya ce wai ba zai bar shari'a ta ɗauka an yi aure alhali ba a yi ba, ba zai shiga kabari da wannan ba."

"Dalilin ke nan?"

"Shi ya faɗa. Ni kuma na ce masa, ko dai ba za ka iya kallon 'ya'yanka ka faɗa kana numfashi ba. Ya sha shayinsa ya tafi."

Shekara arba'in da wani abu yana sassaƙa, ban taɓa ganin ya yanke harafi bisa kuskure ba. Ya auna, ya zaɓa mini, kuma muna benci ɗaya shekara biyu bayan nan bai juyo ya tambaye ni wanne nake so ba. Na ji haushinsa ran nan fiye da duk ranakun da na taɓa jin haushinsa, kuma babu inda zan kai haushin.

Na koma wurin rajista na ce a ba ni takardata. Ya ce ta zama hujja, ta shiga fayil ɗin gado, ba ta fita. In ina so zai ba ni kwafi. Na ce ita ce kaɗai abin da ya rubuta mini. Ya ce ya gane, amma doka ce. Ya sa aka ɗauko hotonta a na'ura, ya jawo aljihun tebur ya fiddo hatimi, ya huhhura shi, ya buga da ƙarfi, ya sa hannu.

Washegari da hantsi Injiniya ya kawo mini mukullin Maigida, wanda ke haɗe da ƙaramin abin yanke farce. Ya ajiye a kan teburin gilashi.

"Ga shi, Malama. Allah ya sanya alheri."

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu. Ni ma na jira. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu ya fita yana amsawa.

Akwai babban aljihu a ƙarƙashin bencin Maigida inda yake zuba hatiman da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ban taɓa buɗe shi ba sai ran nan. Na ce wa kaina shara zan yi. Na juye su a tebur, sun fi ɗari biyu, wasu robar ta bushe ta tsage. Na jawo littafin gwaji na fara dangwala su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ina iya karanta baibai kamar yadda kowa ke karanta daidai. Wani kantin taya da ya daɗe da rufewa. Wata ungozoma. Ƙungiyar masu gyaran rediyo. Ina ta cewa a raina, mutumin da ya sassaƙa sunan kowa, ba zai rasa wata rana da babu ciniki ya sassaƙa nawa haɗe da nasa ba, ko don ya ga yadda zai fito. Na cika shafi goma sha ɗaya. Hannuna ya yi shuɗi har wuyan hannu. Babu.

Mai Hoto ya leƙo ya ga tebur, ya ga fuskata, ya ce zai aiko mini da shayi. Na ce ya bari.

Na mayar da su aljihun, na goge hannu, sannan na fiddo kwafin da aka ba ni don in sa shi a wani wuri. A kotu ban duba shi ba. Rajista bai nemi fili ba da zai buga, a saman shafin ya sauke hannu, a kan layin farko. Na san hatimin. Ni na sassaƙa shi shekara shida da suka wuce, ga ɗan tabon da wuƙata ta bari a gefen da'ira, wanda Maigida ya gani ya ce ba komai, ba mai lura. Tawadar ta zauna sosai, aikin ya fito tsaf. Sunana yana nan ana karantawa, da "ni na haife ta". Kalmar 'yata da ke tsakaninsu ce ta shige ƙarƙashin shuɗin.

Na ɗaga takardar ta wajen ƙofa inda haske yake, na karkata ta, na sake karkatawa. Ina cikin haka wata mata ta shigo da jariri a kafaɗa, tana son hatimin sabon shagonta. Na ajiye takardar na jawo biro da hagu.

"Wane suna za a sa?" na ce.